Buga Hatimin An Biya a Shafukan PDF da Ka Zaɓa

A ce kana da shagon kwamfuta a kasuwar Wunti, an kawo takardar kuɗi mai shafi 6, ana son hatimi a shafi na 2 da na 5 kawai.

Fara kwafe fayil ɗin, ka ajiye na asali. Buɗe kwafin da Adobe Acrobat Reader, ka je shafi na 2, ka nemi Stamp. Akwai APPROVED da DRAFT a ciki. PAID kuwa babu, sai ka haɗa naka ta Custom Stamps. Dasa shi inda bai rufe adadi ba, ka maimaita a shafi na 5.

Sai dai hatimin a saman takardar yake, kowa na iya cire shi. Don ya manne, yi Print zuwa Microsoft Print to PDF, ka zaɓi Document and Stamps. Buɗe sabon fayil ɗin, in hatimin bai motsa ba, ya zauna.