Yadda Ake Ƙirga Amsoshin Bincike da PivotTable a Excel

A ce kun tattara amsoshin mutum 200 daga Kawo da Tudun Wada. Layin farko na takardar ya zama kanun ginshiƙai: Lamba, Shekaru, Jinsi, Amsa. Kada a bar kan ginshiƙi ko ɗaya babu suna, domin Excel zai ƙi gina teburin.

1. Danna cikin bayanan, ka je Insert, ka zaɓi PivotTable, sannan New Worksheet.

2. Ja Shekaru zuwa Rows, Jinsi zuwa Columns.

3. Ja Lamba zuwa Values. A nan a kula sosai: da yake lambobi ne, Excel zai tara su a matsayin Sum. Buɗe Value Field Settings ka mayar da shi Count.

4. Danna ɗaya daga cikin shekarun da maɓallin dama, ka zaɓi Group. Sa 18 a Starting at, 67 a Ending at, 10 a By. Za ka samu rukunin 18-27, 28-37, har zuwa 58-67.

Idan saƙon Cannot group that selection ya fito, akwai inda aka rubuta kalma, kamar "talatin", maimakon 30. Gyara shi, ka danna Refresh, sannan ka sake yin Group. Ya kamata Grand Total ya nuna 200.