Imel na Ƙin Karɓar Kaya: Inda Masu Saye Suke Yi wa Kansu Asara

Mai kawo kaya ba ya wurin sa'ad da ka buɗe kwali. Abin da ka rubuta masa shi ne idonsa, shi ne kuma hujjarka in magana ta yi nisa. Duk da haka, yawancin imel ɗin da nake gani ba su wuce "kayan da kuka aiko ba su da kyau, ku yi wani abu a kai" ba. Wanda ya karanta wannan ba shi da abin kamawa, sai ya jefo maka tambayoyi, kwanaki suna tafiya.

Mu ɗauki misali. Ka yi odar kwali 300 na tayil mai girman santimita 60 sau 60. Da aka sauke, kwali 120 suna ɗauke da lambar launi daban da ta samfurin da kuka daidaita a kai, in ka jera su a ƙasa bambancin a fili yake. Cikin sauran 180 kuma, 14 sun lotse, tayil ɗin ciki ya farfashe.

Babban kuskure a nan shi ne a haɗa aibin biyu a kira su "lalacewa". Tushensu daban ne. Kwalin da ya iso lafiya amma launin ciki ya saɓa, daga masana'anta ko sito matsalar ta taso. Kwalin da ya lotse kuwa, alamar a hanya abin ya faru, kuma sharaɗin cinikinku ne zai nuna wanda asarar hanya take wuyansa. In ka cakuɗa su, ka ba shi damar ɗora komai kan mai mota. Ware kowane aibi da adadinsa da hotonsa, hoton ya nuna lambar da ke jikin kwalin, ka kuma faɗi abin da ya saɓa wa: samfur ne ko takardar oda. In wasu kawai ka buɗe, faɗi nawa ka buɗe. Kada ka ce "duka" alhali goma ka duba, don ƙarin gishiri ɗaya yana zubar da ƙimar sauran maganarka.

Jinkiri ma yana cin mutane. Wani zai yi mako biyu yana kiran waya, ana ce masa "za mu duba", babu ko layi ɗaya a rubuce. A cinikin ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Vienna ta 1980 kan sayar da kaya, inda take aiki, ta ce mai saye ya sanar da aibi cikin lokacin da ya dace, ya kuma fayyace irinsa, in ba haka ba haƙƙinsa ya faɗi. Kwantiragi da yawa ma suna yanke kwanaki ƙayyadaddu, don haka duba naka tun ranar da kaya suka iso. Kuma kafin direba ya tafi, rubuta "kwali 14 a lotse" a takardar karɓar kaya, sannan ka sa hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya zayyana aibi tsaf, amma kunya ta hana shi cewa ya ƙi karɓa, ko ya bar wa mai kawo kaya zaɓin gyara. Ga yadda zuciyar saƙon za ta kasance, bayan ka sa lambar oda a kan magana:

"Mun karɓi kayan ranar 4 ga wata, muka duba su a ranar. Mun amshi kwali 166. Mun ƙi karɓar 134: guda 120 lambar launinsu ta saɓa wa samfur, guda 14 sun iso a farfashe, kamar yadda muka rubuta a takardar direba. Hotuna suna haɗe. Muna so ku musanya su da launin da aka yi oda kafin ranar 18, ku kwashe waɗannan a kan kuɗinku. In musanya ba za ta yiwu ba, ku mayar mana da kuɗinsu. Ku tabbatar mana a rubuce kafin ranar 8."

Babu zagi, babu barazana, kuma buƙata ɗaya ce a gaba, ta biyu tana jiranta.

Bayan ka aika, aikinka ya dace da maganarka. Kwalayen da ka ƙi, ware su gefe guda inda ruwa ba zai taɓa su ba, ka manna musu shaida. In magini ya shimfiɗa ko da kwali biyar daga ciki, mai kawo kaya zai ce ai ka riga ka amince da su, kuma zai yi wuya ka musa.