Kurakuran da aka fi yi wajen bitar nazarce-nazarce kan ciwon damuwa mai bayyana ta ciwon jiki

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ɗakin ganin likita a Kaduna ya san yadda maganar take farawa. Mara lafiya zai ce kansa na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko barci ya ƙaurace masa, kuma ya sha maganin maleriya da na taifot har ya gaji. Da wuya ya fara da cewa yana cikin baƙin ciki. Ɗalibai da yawa suna zaɓen wannan batu don kundin bincikensu, amma babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, shi ne inda suka fi tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne a rubuta cewa mutanen Afirka da Asiya ba su san damuwa a zuci ba, a jiki kawai suke jin ta. Binciken da Simon da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, daga bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya a cibiyoyi 15 na ƙasashe 14, har da Ibadan, ya isa ya gyara wannan. Cikin mutum 1,146 da aka tabbatar suna da ciwon damuwa, kashi 69 cikin ɗari sun zo asibiti da koken jiki kaɗai, amma da aka tambaye su kai tsaye, kashi 11 ne kawai suka musanta alamun da suka shafi zuciya da tunani. Na sha ganin babin da ya kawo adadi na farko ya bar na biyu, alhali tazarar da ke tsakaninsu ita ce gundarin batun. Abin da mutum ya fara faɗa wa likita daban, abin da yake ji daban. Wannan binciken ya kuma nuna cewa zuwa da koken jiki ya fi yawa a cibiyoyin da mara lafiya ba shi da likita ɗaya da ya saba da shi. Wanda ya bi dogon layi ya samu 'yan mintuna gaban baƙuwar fuska, dole ya faɗi abin da yake ganin asibiti na da maganinsa.

Gyaran yana da sauƙi, ko da yake yana cin lokaci. Kafin a rubuta komai, a yi jadawali, kowane bincike da layinsa, a nuna me ya auna: koken farko ne, ko yawan alamun jikin da ba a gano sababinsu ba, ko musanta damuwa bayan an yi tambaya? A ƙara inda aka yi shi, asibitin sha-ka-tafi ne ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa, domin waɗanda suka kai can an riga an tace su. Sannan a rubuta harshen da aka yi hirar da shi. Idan ma'aunin bai zo ɗaya ba, kada a jera alƙaluman a jimla ɗaya kamar suna gasgata juna.

Kuskure na biyu ya shafi aikin Arthur Kleinman a lardin Hunan na ƙasar Sin, wanda ya fito a 1982. Ya duba mutum 100 da likitocin can suka ce suna da raunin jijiyoyi, ya samu 87 sun cika sharuɗɗan ciwon damuwa mai tsanani. Ɗalibai kan tsaya a nan su ce ashe sunan gida lulluɓi ne kawai. Amma Kleinman da kansa ya yi gargaɗi kan ɗauko rukunin ciwo daga wata al'umma a ɗora wa wata ba tare da an tabbatar ya dace ba. Haka ake yi wa kufungisisa ta Shonawan Zimbabwe, wadda ma'anarta yawan tunani, kuma ta shiga DSM-5, littafin da likitocin Amurka ke rarrabe cututtukan ƙwaƙwalwa da shi, a 2013. Tana haɗuwa da damuwa, tana kuma haɗuwa da fargaba da matsalolin rayuwa. Bahaushen da ya ce tunani ya yi masa yawa yana iya nufin bashi ko rasuwa, yana kuma iya nufin ciwo. Ya kamata mai bita ya bayyana iya inda kalmar gida da sunan asibiti suka haɗu, da inda suka rabu.

Akwai kuma mantawa da ciwon jiki na haƙiƙa. Tambayoyin PHQ-9, wato ma'aunin tantance ciwon damuwa, sun haɗa da kasala da matsalar barci da canjin cin abinci, kuma ƙarancin jini ko juna biyu ko doguwar jinya duk suna kawo waɗannan. Idan binciken bai faɗi yadda ya tantance irin waɗannan ba, a rubuta hakan a fili a matsayin rauninsa, a kuma rage nauyin da za a ɗora masa a cikin babin.