Toshewar Hanyar Hawaye a Jarirai: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Hawaye ba a kumatu ya kamata su ƙare ba sai lokacin kuka. A kullum ido yana fitar da ɗan ruwa da ke wanke shi, ruwan kuma yana da magudanarsa. A kusurwar ido ta wajen hanci akwai ƙananan ramuka biyu, ɗaya a fatar ido ta sama, ɗaya a ta ƙasa. Daga nan hawaye ke shiga wata 'yar jaka da ke kwance a gefen karan hanci, sannan su gangara ta wani siririn bututu su faɗa cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina.

A wasu jarirai, ƙarshen wannan bututu na cikin hanci yana zuwa duniya a rufe da wani siririn tantani da bai gama buɗewa ba. Ruwa ya shiga jaka, ya rasa mafita, sai ya kwanta. Idon ya riƙa cika da hawaye ko yaro ba ya kuka, majinar da ke cikin jakar ta dawo sama ta zama kwantsa, gashin ido ya manne bayan barci. Yawanci ba a ganin haka ranar haihuwa, sai an yi sati 2 zuwa 6, domin a lokacin ne hawayen jariri ke yawaita. Kusan yara 9 cikin 10 hanyar tana buɗewa da kanta kafin su cika shekara ɗaya. Yawancin kurakuran da ake yi daga rashin fahimtar wannan magudana suke tasowa.

Ɗaukar kowace kwantsa a matsayin toshewa

Wannan ne kuskuren da ya fi haɗari, don haka da shi za a fara. A toshewar hanyar hawaye zalla, farin ido yana nan fari, baƙin ido garau, yaro yana buɗe idonsa cikin haske ba tare da damuwa ba, yana shan nono, ba zazzaɓi. In hoton ya saɓa wa wannan, to a daina zancen tausar kusurwar ido da ake yi don buɗe hanyar, a nemi likita.

Jaririn da bai cika wata ɗaya ba, idonsa ya yi ja, fatar ido ta kumbura, mugunya tana fita da yawa har ana gogewa tana dawowa nan take, wannan ciwon ido ne na ƙwayoyin cuta da kan shiga lokacin haihuwa. Na ciwon sanyi yakan bayyana a kwana 2 zuwa 5, kuma yana iya huda baƙin ido cikin kwanaki kaɗan. Na kilamidiya, wata ƙwayar cuta da ake ɗauka ta hanyar jima'i, yakan zo a kwana 5 zuwa 14. Dukansu ranar da aka gani ake kai yaro asibiti, kuma maganin ɗigawa kaɗai ba ya isa. Uwa da uba ma sai an yi musu magani.

Akwai kuma hawan jinin ido da ake haihuwar yaro da shi. Shi ma yana sa hawaye, amma ruwa ne tsararo ba kwantsa sosai, yaron yana gudun haske yana runtse ido, baƙin idon ya yi girma fiye da kima ko ya yi hazo. Sau da yawa har yabon irin wannan ido ake yi, wai yaro yana da manyan idanu, alhali matsin ruwa ne ke buɗa shi. Na uku shi ne kumburi a ƙasan kusurwar ido ta wajen hanci. In ja ne, da zafi, yaro yana kuka in an taɓa, jakar ce ta kamu da ƙwayoyin cuta. In shuɗi-shuɗi ne kuma tun haihuwa ko 'yan kwanaki bayanta, jakar ce ta toshe sama da ƙasa ta cika. Wannan yakan rikiɗe ya yi mugunya da wuri, wani lokaci ma ya toshe hanci ya wahalar da numfashi. Duka biyun ba a matsa su a gida.

Tausa a inda ba nan ba ne

Iyaye da yawa za su ce sun yi wata uku suna tausa ba canji. In aka ce su gwada yadda suke yi, sai a ga suna shafa gefen hanci can ƙasa kusa da kumatu, ko suna murza saman karan hanci tsakanin gira biyu. Duk wuraren nan ƙashi ne, bututun yana can ciki, shafa ba ta kai masa. Abin da ake nema shi ne a matse jakar, ruwan da ke cikinta ya tura tantanin ƙasa da ƙarfinsa har ya fashe. Wani likitan ido mai suna Crigler ne ya bayyana wannan dabara a 1923, har yau da sunansa ake kiranta.

Ga yadda ake yi. A wanke hannu da sabulu, a tabbata farcen yatsan da za a yi aiki da shi a yanke yake. A kwantar da yaro rigingine, a tallafe kansa. A ɗora kan manuniya, ko ƙaramin yatsa in fuskar ƙarama ce sosai, daidai kusurwar ido ta ciki, a ɗan kwarmin da ke tsakanin ido da karan hanci. Yatsan ya jingina da ƙashin hanci, kada ya hau kan ƙwayar ido. A danna ciki, sannan ba tare da an sassauta ba a ja yatsan ƙasa ta gefen hanci kamar santimita ɗaya zuwa biyu. A ɗaga, a koma sama, a sake. Sau 5 zuwa 10 a zama ɗaya, zama 2 zuwa 4 a yini.

Abin da ya sa ake farawa daga sama shi ne yatsan yana toshe hanyar komawa ido, sai ruwan ya rasa inda zai bi in ba ƙasa ba. Wanda ya ja daga ƙasa zuwa sama kwantsa kawai yake fitarwa, bai tura tantanin ba.

Sai batun ƙarfi. Kalmar "a hankali" tana yaudarar mutane har su koma shafa kamar mai goge ƙura. Dannawa ce ta gaske, wadda fatar wurin za ta ɗan yi haske ƙarƙashin yatsa ta dawo daidai nan da nan. In wurin ya yi ja ya daɗe, ko ya kumbura, an wuce gona da iri. Yaro yakan yi 'yar ƙorafi, wannan ba komai. Kuma in kwantsa ta ɓullo daga kusurwar ido lokacin dannawa, alama ce yatsan yana kan jakar. An fi dacewa a haɗa tausar da wani abu da ake yi kullum, kamar canjin kunzugu ko gab da shayarwa, don kada a manta.

Goge ido

Nan gyaran mai sauƙi ne. Ruwan da aka tafasa ya huce, da auduga mai tsabta. A jiƙa, a goga sau ɗaya daga wajen hanci zuwa wajen kunne, a yar, a ɗauki sabuwa. Kowane ido da audugarsa. In kwantsa ta bushe ta manne gashin ido, a ɗora jiƙaƙƙiyar audugar na minti ɗaya ta yi laushi, kada a ɓamɓare ta a bushe. A tsane fatar bayan an gama, domin damshi na kullum yana sa ƙasan ido ya yi ja ya tsattsage. Nono ko wani abin da likita bai rubuta ba, ba a ɗiga shi a ido. Ba ya buɗe bututun.

Jiran maganin ɗigawa ya buɗe hanya

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na ɗigawa ba ya huda tantani. Abin da yake yi shi ne rage ƙwayoyin da suka taru a kwantaccen ruwa. Shi ya sa kwantsa take raguwa ana sa shi, ta dawo an daina, iyaye su ɗauka maganin ne bai da ƙarfi, a sayo wani. A haka wani yaron zai sha kala huɗu ko biyar kafin ya yi wata shida. Wurin maganin shi ne lokacin da kwantsa ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa ko kore, ko farin ido ya soma ja, kuma likita ne zai rubuta na kwana 5 zuwa 7. Mafi muni shi ne maganin da ke ɗauke da sitiroyid, wani sinadari mai rage kumburi: yana iya ɗaga matsin ido a yara, yana kuma ɓoye ciwon da ke ci a ƙasa.

Mu ɗauki misalin jaririya 'yar sati 5 da idonta na dama ke hawaye, kullum da safe a manne, farin idon fari tas. Ana gogewa ana tausa sau uku a yini, a wata na huɗu abin ya ragu sosai. A wata na shida ta yi mura, hawaye da kwantsa suka dawo. Wannan ba koma baya ba ne: mura tana kumbura cikin hanci, ta matse bakin bututun da bai gama faɗi ba. A ci gaba da yadda ake yi. In murar ta wuce ido ya bushe ya zauna haka makonni, an gama, a bar tausa. In kuwa ta kai wata 10 zuwa 12 kullum ido a jiƙe, lokacin ganin likitan ido ya yi.

Gaggawar huda hanya, ko jinkirta ta

Wasu suna matsa wa likita a yi aikin tun yaro yana wata biyu ko uku, alhali mafi yawan irin waɗannan yara da an bar su za su warke da kansu. Wasu kuma suna jin an ce "zai buɗe da kansa" sai su zauna har shekara uku. Bayan shekara ɗaya damar buɗewa da kanta tana raguwa sosai, kuma nasarar aikin mai sauƙi takan ragu yayin da yaro ke girma.

Kafin aiki likita yakan ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa a ido ya jira minti 5. In hanya a buɗe take, rinin zai tafi. In ya tsaya cike da ido, an tabbatar da toshewa. Aikin kansa ba yanka ba ne. Ana ɗan faɗaɗa ramin kusurwar ido, a zura siririyar waya mai dakusasshen baki ta bi jaka ta gangara bututu har ta huda tantanin, sannan a tura ruwa a ga ya fito ta hanci. Mintuna kaɗan ne. Yawancin likitoci suna yin sa daga wajen shekara ɗaya tare da maganin sa barci. Wasu suna yi tsakanin wata 6 zuwa 10 ba tare da an sa yaro barci ba. Ana matso da shi kusa in jakar ta taɓa yin mugunya, ko akwai shuɗin kumburin nan da aka ambata.

Bayan aiki, ganin ɗan jini a hawaye ko majina na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, kuma ido na iya ci gaba da hawaye na 'yan kwanaki saboda kumburi, don haka ba a yanke hukunci sai an yi makonni. Kusan 8 zuwa 9 cikin 10 suna warkewa da yi ɗaya. Wanda bai warke ba, ana sake yi a bar siririn bututun silikon a ciki na 'yan watanni don kada hanyar ta sake haɗewa, ko a faɗaɗa ta da ɗan balan-balan. Yaron da aka sa wa bututun, a hana shi murza kusurwar ido, domin yatsansa na iya jawo shi waje. In ya fito, kada a ja shi, a manne shi a gefen hanci da filasta a koma wurin likitan da ya sa.