Kurakuran da ake yi wajen yanke farashin hatsin da aka saya kashi-kashi

Mafi yawan 'yan kasuwar da ke tara hatsi suna haɗa farashin da suka saya ne, su raba da yawan lokutan sayen, alhali yawan buhunan ba ɗaya ba ne. A ɗauka misali cewa mai shago a kasuwar Dawanau ya sayi buhu 10 na masara da kaka a kan naira 30,000, ya ƙara buhu 30 a Janairu a kan 38,000, sannan ya sayi buhu 60 a Maris a kan 46,000. Idan ya haɗa farashin ukun ya raba gida uku, zai samu 38,000, ya sayar a 40,000 yana ganin ya ci ribar 2,000 a kowane buhu.

Gyaran shi ne a ninka kowane farashi da yawan buhunan da aka saya a kansa. Kashin farko ya ci 300,000, na biyu 1,140,000, na uku kuma 2,760,000, jimilla 4,200,000. Da aka raba wannan da buhu 100, kowane buhu ya tsaya a 42,000, wato yana faɗuwar 2,000 a duk buhun da ya fita. Alamar wannan kuskure ita ce littafi ya nuna riba, amma kuɗin da ke hannu ya kasa maido da jarin.

Wani kuskuren shi ne barin kuɗin mota, da na 'yan dako, da la'adar dillali, da maganin ƙwari, da hayar ɗakin ajiya a wajen lissafi, saboda a hankali ake biyansu har a manta. Idan waɗannan sun kai 210,000, jimillar ta zama 4,410,000. Sannan kuma ba da 100 za a raba ba, domin masarar kaka tana zuwa da sauran danshi, tana raguwa idan ta bushe, ga ɓarnar ƙwari da ɓera. Idan an sake awo an cike buhunan sai suka koma 98, kowanne ya tashi a 45,000, kuma a kan wannan adadi ne ake ɗora riba.

Ana kuma mantawa da cire abin da aka riga aka sayar. Duk lokacin da sabon kaya ya shigo, a ƙirga buhunan da suka rage a kan matsakaicin kuɗinsu na baya, a haɗa da kuɗin sababbin, a sake rabawa.

A ganina, 45,000 ɗin nan iyaka ce da ke nuna inda faɗuwa take farawa, amma kasuwa ce ke yanke farashi. Idan buhu ya kai 52,000, wanda ya sayar a 47,000 ya ci riba a rubuce, sai dai kuɗinsa ba zai maido masa da adadin buhunan da ya fitar ba.