Yadda Ake Tsara Aiki da Hutu a Lokacin Zafi, da Gane Wanda Zafi Ya Fara Kayarwa

Wannan bayani na mai kula da ma'aikata ne: shugaban leburori a wurin gini, mai wurin buga bulo, mai gidan burodi, da mai narka alminiyum yana zuba tukwane. Daga Maris zuwa Mayu, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa. Jikin mutum kuwa yana son zama kusa da 37, kuma babbar hanyarsa ta rage zafi ita ce gumi ya fito ya bushe. Mai aikin ƙarfi yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye a awa guda. Saboda haka hutun da aka bari sai mutum ya ce ya gaji ya zo a makare. Da agogo ake tsara shi, tun kafin a ɗauki shebur.

Da farko, lissafa zafin da ke kan ma'aikaci

Adadin da wayarka ko hasashen hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ya nuna maka zafin iska ne a inuwa. Wanda ke kan dakin, wato rufin kankare na gini, yana ɗauke da kwanon sarki ba a inuwa yake ba. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, tana da hanyar gyara adadin, ga ta a digirin da muka saba da shi.

Idan rana ta fito tar, babu gajimare, ƙara 7. Idan akwai ɗan gajimare, ƙara 4. Sannan duba damshin iska, wanda wayar ke nunawa da kashi cikin ɗari. Idan kashi 10 ne cire 4, idan 20 ne cire 2, idan 30 ne bar shi yadda yake. Kashi 50 ƙara 3, kashi 60 ƙara 5. Damshi yana shiga lissafi ne domin gumin da bai bushe ba bai sanyaya kowa ba. Shi ya sa ranakun da hadari ke haɗuwa ruwa bai sauka ba, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, suke kayar da mutane, ko da ma'aunin zafi ya ɗan sauko.

Sai ka raba awa tsakanin aiki da hutu

A aiki mai nauyi, irin kwaɓa kankare da hannu, haƙa rami, ko hawa da kwanon sarki: idan lissafinka ya kai 35, a yi aiki minti 45 a huta 15. Idan ya kai 38, rabi da rabi. Idan ya kai 40, aiki minti 20 hutu 40. Daga 41 abin ya wuce na daidaita hutu, a ajiye aikin. A matsakaicin aiki, kamar jera bulo ko yaɓe, sai lissafi ya kai 38 ake fara 45 da 15, a 40 a koma rabi da rabi, a 42 a tsaya.

An yi wannan tsari ne don lafiyayyen mutum ɗan ƙasa da shekara 40, wanda ya yi barci, ya sha ruwa, yana sanye da kayan aiki marasa nauyi. Dattijo, ko mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari, ko mai sikila, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa jiya, a ƙara masa hutu.

Ga misali. A ce za ku zuba dakin a Afrilu, mutum goma sha biyu. Ƙarfe bakwai na safe waya ta nuna 28, damshi kashi 20: ƙara 7, cire 2, ya zama 33. A yi aiki yadda aka saba. Ƙarfe goma ta nuna 34, damshi ya sauka zuwa 10: 34 da 7 sun zama 41, cire 4, saura 37. Ya faɗa tsakanin 35 da 38, sai ka ɗauki mafi tsanani, rabi da rabi. Amma kankare ba ya jiran mai hutu, in an tsaya zai fara daskarewa a bar tabo a tsakiya. Don haka ka raba su gida biyu, shida suna hawa shida suna inuwa, su yi canji duk rabin awa. Ƙarfe ɗaya ta nuna 41: lissafi ya ba ka 44, babu wani rabon hutu da zai gyara wannan. Ma'anarsa tun jiya ya kamata ka tanadi yashi da tsakuwa da ruwa, a fara bayan sallar asuba, a kammala kafin sha ɗaya. Abin da ya rage na kwashe kaya a bar shi sai bayan la'asar.

Hutun kuma a inuwa mai iska ne, a zaune, an cire hular kwano da safar hannu. Zama ƙarƙashin rumfar kwano da rana ta gasa, ko cikin ɗakin da babu taga, ba hutu ba ne.

Akwai abin da ke rusa duk wannan tsari, shi ne biyan jinga. Mai buga bulo da ake biya a kan buhun siminti yana ganin kowane minti goma sha biyar na hutu kuɗinsa ne ke tafiya, ko ka yi ta magana ba zai zauna ba. A ganina, in ba ka sauya lokacin aikin ba, ko ka rage adadin buhunan yini ba tare da ka zaftare masa kuɗi ba, jadawalin zai tsaya a bakinka kawai.

Bakin wuta lissafinsa daban

Waya ba ta san zafin da ke fitowa daga bakin murhun burodi ko tukunyar narka ƙarfe ba, don haka lissafin da ke sama ba zai yi maka aiki a nan ba. Jikin ma'aikacin za ka tambaya. Da zarar ya zauna hutu, sa yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun jini na daƙiƙa 30. Idan ya haura 55, wato fiye da 110 a minti, rage kashi ɗaya cikin uku na zangon aikinsa na gaba, hutun kuma ya zauna yadda yake. Mai minti 30 a bakin wuta ya koma 20. In ya sake haurawa, ka sake ragewa.

Kada mutum ɗaya ya riƙe bakin murhu daga fari har ƙarshe, a yi karɓa-karɓa. Falle ɗaya na kwano mai sheƙi da aka tsayar tsakanin wuta da inda ake tsayawa yana tare zafi sosai. Fanka kuwa a kula da ita: idan iskar ɗakin ta fi jikin mutum zafi, zafi take hura masa, sai dai in ya jiƙa jikinsa da ruwa.

Ruwa, da sabon shiga

Leda ɗaya ta fiya wata rabin lita ce. Leda ɗaya duk rabin awa, ko ana jin ƙishirwa ko ba a ji, kuma kada a wuce leda uku a awa, domin ruwa mai yawa a lokaci guda yana tsinka gishirin jini. Abincin da aka saba ci yana mayar da gishirin da gumi ya ɗebe. In aikin ya ɗauki awanni, haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari shi ne ma'aunin da kowa ke yawo da shi. In ya yi fari-fari lafiya lau, in ya yi ja kuma kaɗan ne, ruwa ya yi ƙaranci. In ya koma kalar baƙin shayi ga ciwon tsoka, wannan na asibiti ne a ranar, don ƙoda na cikin haɗari.

Jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi, kuma sabon shiga shi ya fi faɗuwa, saboda yana son ya nuna ƙwazo. Ranar farko ka ba shi kashi ɗaya cikin biyar na aikin zafin, ka riƙa ƙara irin wannan kason kullum har ya cika a rana ta biyar. Tsohon hannu da ya dawo daga tafiya ko jinya ya fara da rabi. In kuma azumi ya faɗo a bazara, zancen leda duk rabin awa ya tashi, sai a mayar da aikin nauyi bayan asuba ko bayan an sha ruwa.

Gane wanda ya fara galabaita

Mai kwanon sarki da tun safe yake tsokanar mutane, sai ka ga ya yi shiru, yana tsayawa a tsakiyar tsani yana dafa bango. Gumi sharkaf, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, tsokar ƙafa ko ciki tana ɗaurewa, jini na bugawa da sauri. In ka tambaye shi zai ce, “Ba komai, oga, bari in ƙarasa wannan.” Kada ka yarda. Kai shi inuwa, kwantar da shi ka ɗaga ƙafafunsa, kwance masa kaya, jiƙa masa jiki ana yi masa fifita, ba shi ruwa yana kurɓa a hankali. Wani ya zauna tare da shi. In minti 30 ta wuce bai warware ba, ko yana ta amai, a tafi asibiti. In ya warware, aikinsa na ranar ya ƙare.

Abin da ke raba wannan da mai kisa shi ne hankali. Tambaye shi sunansa, da inda kuke, da wace rana ce yau. In ya rikice, yana sambatu, yana tangaɗi, ya hau faɗa babu dalili, ko ya faɗi yana jijjiga, ɗauka zafin jikinsa ya haura 40 kuma ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa. A nan ne mutane kan ce iska ce ta buge shi, a kewaye shi ana tofi. A yi addu'a, amma hannu na zuba ruwa. Kada kuma ka jira gumi ya ɗauke kafin ka tsorata, mai aikin ƙarfi yana iya kaiwa wannan hali jikinsa jiƙe.

Sanyaya shi nan take, kafin ma mota ta iso. In akwai tankin ruwan buga bulo mai tsabta, a sa shi ciki zuwa wuya, mutum biyu na riƙe da kansa. In babu, a cire masa kaya a yi ta kwara masa ruwa mafi sanyi da ke akwai ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, kuma yana iya ƙara wa hanta wahala. A cikin mota a buɗe gilasai a ci gaba da jiƙa shi, in an isa kuma a faɗa wa ma'aikatan asibiti aikin da yake yi da lokacin da ya faɗi, don kada a tsaya a kan zazzaɓin cizon sauro kaɗai.