Yadda na gyara manhajar da ke cika guntun saƙo da tsohuwar hira

Na haɗa wata 'yar manhaja mai karɓar saƙonnin masu neman ganin likita. Mutane ba sa rubuta cikakkiyar jimla. Wani zai tambayi lokacin likitan ido ranar Litinin, sai ya ƙara da "Talata fa?" Manhajar takan ɗauko "likitan ido" daga saƙon baya ta cike giɓin, kuma hakan daidai ne.

Matsalar ta fito ne da wata baiwar Allah ta rubuto "gobe da safe fa?" Manhajar ta sa mata likitan haƙori, alhali ɗanta take son kawowa wajen likitan yara. Abin ya dame ni ƙwarai. Da na bi sawun hirar, sai na ga maganar haƙorin ta kwana tara, an ma riga an duba ta. Ashe ina adana abin da aka faɗa, amma ban adana lokacin da aka faɗe shi ba.

Yanzu kowane bayani yana tafe da lokacinsa. Idan bai wuce minti 30 ba, manhajar tana amfani da shi kai tsaye. Idan ya wuce, sai ta tambaya: "Likitan haƙori kike nufi, ko wani daban?" Da zarar an kammala buƙata kuma, ana goge bayananta nan take.

Da farko minti 5 na sa, sai tambayoyin suka ishi mutane, domin wasu sukan je su duba jadawalinsu kafin su amsa.